Tambayoyi da amsoshi: binciken lambar mai kaya kafin a tura kuɗin kafin alƙalami

Wannan shafi na wanda ya ga kaya a intanet ne, ya yi magana da mai tallar, aka ce ya tura wani abu daga cikin kuɗin domin a ajiye masa ko a ɗora masa a mota. A irin wannan ciniki abin da mai saye ke riƙe da shi bai wuce lambar waya da 'yan hotuna ba, don haka ya kamata ya san abin da lambar za ta iya gaya masa da kuma inda ƙarfinta ya ƙare.

Me ya sa ake cewa a binciki lamba, ba sunan mai kaya ko shafinsa ba?

Saboda suna da hoto da shafi ba su da wuyar ƙirƙira. Mutum zai iya buɗe sabon shafi, ya sa masa sunan shago, ya kwaso hotunan wasu ya zuba, duk kafin shayi ya huce. Lamba ta fi waɗannan nauyi, domin tana barin sawu. Ɗan damfara yakan yi amfani da layi ɗaya a tallace-tallace da yawa kafin ya jefar da shi, kuma waɗanda ya cuta sukan rubuta lambar a wani wuri don gargaɗi. Shi ma ɗan kasuwa na gaskiya da ya daɗe yana sana'a, lambarsa tana nan a tsofaffin tallansa, a jikin allon shagonsa, da wayoyin abokan cinikinsa. Wannan sawun ake bi.

Amma a riƙe abu ɗaya tun daga nan: binciken lamba yana iya tona asirin maƙaryaci, ba ya iya wanke kowa. Idan ka ga an kai ƙarar lamba, ka samu amsa. Idan ba ka ga komai ba, ba ka samu amsa ba tukuna.

Daga ina zan fara?

Fara da kallon lambar kanta. Cikakkiyar lambar waya tana farawa da alamar + da lambar ƙasa, kuma a tsarin ƙasa da ƙasa ba ta wuce alƙaluma 15. Birtaniya +44 ce, Sin +86, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa +971, Amurka da Kanada kuma suna tarayya a +1 tare da ƙasashe da dama na yankin Karibiyan. Idan talla ta ce kaya suna garinku amma lambar ta wata ƙasa ce, to akwai tambayar da sai an amsa. Wataƙila amsar mai sauƙi ce, kamar wanda ya dawo daga tafiya bai sauya layin WhatsApp ɗinsa ba. Sai dai ka tambaya, ka nemi layin gida da za ka kira.

Kada ka dogara da alƙaluman farko wajen gane kamfanin layin. Ƙasashe da yawa sun ba mutane damar komawa wani kamfanin sadarwa da tsohuwar lambarsu, don haka farkon lamba ba ya nuna inda take a yau.

Bayan wannan sai ka gwama lambar da ke jikin tallar da wadda ake maka magana da ita. Mutane da yawa ba sa lura cewa sun kira lamba ɗaya, an dawo musu ta wata.

Yaya ake neman lamba a Google har a samu wani abu?

A nan ne yawancin mutane ke yin rabin aiki. Sukan liƙa lambar sau ɗaya, su ga ba abin da ya fito, su ce lafiya lau. Matsalar ita ce mutane suna rubuta lamba ɗaya ta siga daban-daban, kuma injin bincike ba koyaushe yake gane cewa abu ɗaya ba ne. Sai ka nemi kowace siga daban, a cikin alamar zance, domin a kawo maka ita daidai yadda ka rubuta. Ga misali da wata lambar Birtaniya da aka ware don finafinai, wadda ba ta kowa ba ce:

```
"07700900123"
"07700 900123"
"+447700900123"
"+44 7700 900123"
"07700900123" scam
```

A layin ƙarshe za ka iya sauya kalmar da "damfara" ko duk kalmar da mutanen wurin ke amfani da ita. Sannan ka maimaita binciken a cikin akwatin nema na Facebook da X da TikTok da shi kansa dandalin da ka ga tallar, domin yawancin abin da ake rubutawa a zauruka ba ya fitowa a Google.

Abin da kake nema iri uku ne. Na farko, ƙorafi kai tsaye. Na biyu, tallace-tallacen da ba sa jituwa: lamba ɗaya tana sayar da mota a wannan gari, tana ba da hayar gida a wancan, tana neman ma'aikata a na uku, duk a mako guda. Wannan a wurina ya kai ƙorafi ƙarfi, ko da ba wanda ya yi kuka tukuna. Na uku shi ne alama mai kyau, wato tarihi mai tsawo kuma mai kai ɗaya: lambar tana tare da suna ɗaya da sana'a ɗaya da wuri ɗaya tun shekarun baya, kuma wasu mutane ne suka ambace ta, ba mai ita kaɗai ba.

Truecaller ya nuna min sunan shago. Wannan bai isa ba?

Bai isa ba, kuma dalilin yana cikin yadda manhajar ke aiki. Truecaller, wadda aka kafa a Suwidin a 2009, tana tattara sunaye ne galibi daga yadda masu amfani da ita suka ajiye lambobi a wayoyinsu, da kuma abin da mai lambar ya rubuta da kansa. Ma'ana ɗan damfara zai iya yin rajista da layinsa, ya sa sunan shagon da ya ga dama, kai kuma ka ga sunan ka samu natsuwa. Ba takardar hukuma ba ce.

Inda take da amfani shi ne idan ta nuna jan launi, wato mutane sun kai ƙarar lambar, ko idan sunan da ta kawo ya saɓa da wanda aka gaya maka. Ko a nan ma a yi adalci. Kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai sabon mai shi ya gaji sunan na da, wani lokaci har da mummunan tarihinsa. Don haka saɓanin suna dalili ne na tambaya, ba hukunci ba.

WhatsApp ɗinsa na kasuwanci ne, da tambari da jerin kaya. Wannan fa?

Manhajar WhatsApp Business kyauta ce tun fitowarta a 2018, kowa na iya saukewa. Rubutun `Business account` yana nufin da wace manhaja mutum yake amfani, ba ya nufin an tantance shi. Adireshi da lokutan buɗe shago da jerin kaya duk shi ya rubuta da hannunsa. Wasu ma sukan sa hoton alamar tantancewa a cikin hoton fuskar asusun ko a ƙarshen suna don a ɗauka ta gaske ce.

Akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci. WhatsApp yana buƙatar layi ne lokacin rajista kawai, don karɓar lambar sirri mai alƙaluma 6. Bayan nan asusun zai ci gaba da aiki ko an cire layin daga wayar, ko an jefar da shi. Ana kuma iya yin rajista da lambobin intanet da ake haya na ɗan lokaci, waɗanda ba su da katin waya ko kaɗan. Ga kuma asusun da aka sace: a yaudari mai shi ya faɗi waccan lambar sirri, sai ɓarawo ya gaje asusun da hoto da suna da amanar da aka sani. Saboda haka ganin lamba tana aiki a WhatsApp bai tabbatar da cewa layin yana hannun mai maganar ba.

To ta yaya zan gane layin yana hannunsa?

Ka kira shi kira na yau da kullum, ba ta WhatsApp ba, kuma kai za ka kira. Wannan sharaɗi na biyu yana da dalili: ana iya sauya lambar da ke fitowa a fuskar wayarka idan an kira ka, ta yadda za ka ga kamar daga wani layi kiran ya fito. Amma idan kai ka danna lambar, kiran zai tafi wurin wanda layin ke hannunsa.

Kada ka sanar da shi za ka kira. Idan ya ɗauka, ka yi masa tambayar da sai wanda kuke ciniki da shi zai sani, kamar farashin da kuka tsaya a kai. Idan layin kullum a kashe yake alhali yana ba ka amsa a rubuce cikin daƙiƙa, ko wani ya ɗauka ya ce bai san da wata talla ba, ka tsaya nan. Uzurin da aka saba ji shi ne "ina wurin aiki ba a barin kira", "lasifikar wayata ta lalace", "sabis ba kyau a nan". Kowanne na iya zama gaskiya sau ɗaya. Wanda zai karɓi kuɗinka amma ya kasa samun minti biyu na magana cikin kwana biyu, bai kai a ba shi kafin alƙalami ba.

Na bincika ko'ina, ban ga komai a kan lambar ba. In tura?

A'a, ba don wannan kaɗai ba. Lambar da ba ta da tarihi tana iya zama ta talaka mai sayar da kayansa karo na farko, tana kuma iya zama layin da aka saya jiya don wannan aiki. Daga waje kamarsu ɗaya. Abin da zai raba su shi ne ka auna shirun da abin da mutumin ke faɗa. Wanda ya ce firjin gidansa yake sayarwa, ba abin mamaki ba ne a rasa shi a intanet. Wanda ya ce shekara goma yana da babban shago amma lambarsa ba ta taɓa fitowa ko'ina ba, maganarsa da sawunsa sun saɓa.

Duba shekarun shafin ma. A Facebook akwai `Page transparency` da ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka. A Instagram akwai `About this account`. Shafin da aka sauya wa suna kwanan nan daga wani abu dabam zuwa sunan shago, sau da yawa sayen sa aka yi ko sace shi aka yi don yawan mabiyansa.

Idan lamba ba ta wanke mutum, me zai tabbatar min?

Haɗuwar abubuwa huɗu a wuri ɗaya: lambar, mutumin, kayan, da asusun da za a tura kuɗi. Damfarar kafin alƙalami kusan kullum tana ɓuya ne a inda ɗaya daga cikin huɗun nan bai haɗu da sauran ba. Bari mu bi misali daga farko zuwa ƙarshe.

A ɗauka wani tela ya ga tallar keken ɗinki na masana'anta, wanda aka yi amfani da shi, a farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai tallar ya ce yana wani gari mai nisa, kuma akwai mutum biyu da ke son keken, don haka a tura kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin yau a ajiye masa.

Telan ya nemi lambar ta siga huɗu, bai ga komai ba. Truecaller ya kawo sunan shagon kekunan ɗinki, daidai da na tallar. Ya kira layin kai tsaye, an ɗauka, mutumin ya san zancen. Zuwa nan lamba da mutum sun haɗu, kuma da yawa a nan suke tura kuɗi.

Sai ya koma kan kayan. Ya sa hoton tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ya ga hoton nan dai a wata talla da ta girmi wannan da mako uku, a wani gari, da wata lamba, da farashi mafi tsada. Wannan kaɗai bai yanke hukunci ba, domin dillalai ma sukan ɗauki hoton mai kaya su tallata. Don haka ya nemi shaida: a rubuta wata kalma da ya zaɓa da kwanan wata a takarda, a ɗora kan keken, a ɗauki hoto. Bayan awa uku hoton ya zo, daidai yadda ya nema.

Jinkirin nan shi ne abin lura. Abin da kan faru shi ne ɗan damfarar ya koma wurin mai kaya na gaskiya a matsayin mai saye, ya nemi wannan hoton, ya miƙo wa telan. Hoto da bidiyon da aka naɗa duk ana iya samo su ta haka. Abin da ba a iya arowa shi ne kiran bidiyo kai tsaye, a kan lambar da ake ciniki da ita, inda mai saye ke ba da umarni nan take: nuna fuskarka, juya kyamara kan keken, kunna shi, matso da ita kan farantin da aka buga lambar inji ka karanta min. Telan ya nemi haka, aka ce kyamara ta lalace.

Daga ƙarshe ya karɓi lambar asusun, ya shigar a manhajar bankinsa ba tare da ya tura komai ba. Sunan da ya fito ba na shagon ba ne, ba kuma wanda mutumin ya faɗa ba. Da ya tambaya, aka ce na matarsa ne, nasa yana da matsala. Yanzu lissafi ya fito: lamba da mutum sun haɗu, amma mutum bai haɗu da kaya ba, asusu kuma bai haɗu da kowa ba. Telan ya kira lambar da ke tsohuwar tallar, mai keken ya ce shi ba shi da wani wakili, kuma ɗazu wani ya sa shi ɗaukar hoto da takarda.

Me ya sa sunan asusu yake da nauyi haka?

Domin nan kuɗin zai sauka, kuma shi ne abin da banki da 'yan sanda za su bi idan abu ya lalace. A ƙasashe da yawa manhajar banki ko ta kuɗin waya tana nuna sunan mai asusu kafin ka tabbatar da turawa, ko ta gaya maka ko sunan da ka rubuta ya dace. Birtaniya, alal misali, ta fara irin wannan tsari a manyan bankunanta a 2020. Duba shi ba ya cin ko sisi.

'Yan damfara ba su cika karɓar kuɗi da sunansu ba. Sukan yi hayar asusun wani, ko su yaudari mai neman aiki ya riƙa karɓa yana miƙa musu, kuma kuɗin na shiga ake kwashe su. Shi ya sa "tura wa ƙanena" ko "tura wa akawunmu" ke buƙatar ƙarin haske. Gaskiya ne akwai masu sana'a na kirki da ke amfani da asusun iyali. Idan haka ne, ba zai yi musu wuya su haɗa ka da mai asusun a kiran bidiyo ɗaya ba. Idan kuma aka sauya maka asusu a tsakiyar ciniki, ko aka ce na farkon "ya cika", ka janye.

Shagon sananne ne, na ga lambar a ƙarƙashin tallarsu. Sai na sake bincike?

E. Ana kwaikwayon shafukan sanannun shaguna, a sauya harafi ɗaya a suna, a sa wata lamba. Ana kuma shiga ƙarƙashin tallar gaskiya a ba masu tambayar farashi amsa kamar daga shagon. Ka samo lambar shagon ta wata hanya da ba ta biyo ta tallar ba, kamar tsohon rasit, ko allon shagon, ko wanda ya taɓa saye a can, ka kira ka tambaya ko wannan lamba da wannan asusu nasu ne.

Ya turo min hoton katin shaidarsa. Ba alamar gaskiya ba ce?

Hoton kati ba ya nuna cewa mai turowa shi ne mai katin. Sau da yawa na wani ne da aka cuta a baya, wanda aka ce ya turo nasa "don amana". Saboda haka kai ma kada ka tura naka, kuma kada ka faɗi wata lambar sirri da ta shigo wayarka da sunan ana son a tabbatar kai mai saye ne na gaske. Da ita ake ƙwace asusun mutum. Kati yana da amfani ne kawai idan an riƙe shi kusa da fuska a kiran bidiyo, sunan kuma ya dace da na asusun.

Komai ya haɗu. Yaya zan tura kafin alƙalamin?

Ka tura mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi, wanda idan ya salwanta ba zai durƙusar da kai ba. Kafin nan ka sa a rubuta maka a saƙo, daga lambar da ka bincika: wane kaya ne da lambar jikinsa, cikakken farashi, nawa ka bayar, ranar da za a miƙa kaya, da sharaɗin mayar da kuɗi idan ciniki ya warware.

Hanyar biya ma tana da bambanci. Biya ta cikin dandalin da ke riƙe kuɗi har kaya su iso, ko biya da katin banki, yana ba da damar ƙalubalantar ciniki. Tura kuɗi kai tsaye asusu zuwa asusu yana da wuyar dawowa. Katin kyauta na sayayya, wato `gift card`, da kuɗin kirifto kusan ba sa dawowa sam, kuma zaɓin `Friends and Family` na PayPal ba ya cikin kariyar mai saye. Idan kayan suna inda kai ko wani naka zai iya zuwa ya gani, zuwa ya fi duk wannan bincike, kuma a can ma a tabbatar cewa wanda ke riƙe da kayan shi ne ya ba da asusun.

Na riga na tura, yanzu kuma ana neman ƙari na kuɗin mota da inshora. Me zan yi?

Kada ka ƙara ko kaɗan. Neman kuɗi na biyu da ba a yi maganarsa tun farko ba, musamman da alƙawarin "za a mayar maka idan kaya sun iso", shi ne matakin da aka saba bi bayan kafin alƙalami, kuma sau da yawa wata sabuwar lamba ce ke kira da sunan direba ko kamfanin aika kaya.

Ka kira bankinka nan take ta lambar da ke bayan katinka ko cikin manhajarsu, ka ce an damfare ka, ka ba su lambar shaidar turawar, ka nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa. Sa'o'in farko su ne masu amfani, kafin a kwashe kuɗin. Ka ɗauki hoton tallar da hirarku da lambar da bayanan asusun kafin ya goge ko ya toshe ka, sannan ka kai rahoto ga 'yan sanda da dandalin da aka sa tallar. Idan za ka gargaɗi jama'a, ka rubuta lambar cikakkiya ta siga biyu, da lambar ƙasa da kuma ba ita, domin mai nema a gaba ya same ta, ka kuma tsaya kan abin da ya faru ba tare da yaɗa hoton katin da aka turo maka ba, tunda wataƙila mai katin bai san komai ba. Duk wanda ya tuntuɓe ka daga baya ya ce zai dawo maka da kuɗinka idan ka biya shi lada tukuna, ka haɗa lambarsa cikin rahoton da ka kai.